Dokar Ingila, kotun Hamburg: shin saɓani ne a cikin kwangila ɗaya?

Tambaya: Kamfaninmu zai sayi injunan sarrafa roba daga wani kamfani na Jamus. A daftarin kwangilar, sashe ɗaya ya ce dokar Ingila ce za ta yi aiki, na gaba da shi kuma ya ce kotunan Hamburg kaɗai ke da hurumin sauraron kowace takaddama. Abokin kasuwancina ya ce ba kome, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Mene ne bambancin sassan biyu, kuma akwai haɗari idan muka sa hannu a haka?

Amsa: Malam, kwangilar ba ta lalace ba, kuma alƙalin Hamburg zai mutunta sassan biyu, amma rashin kwanciyar hankalinka yana da dalili. Sashen zaɓin doka shi ne ke faɗin ƙa'idojin da za a auna haƙƙi da wajibin kowa da su: me kalmomin kwangilar ke nufi, me ake kira saɓa alkawari, wace diyya ake biya, kuma yaushe lokacin ƙara ke ƙurewa. Sashen hurumin kotu kuwa yana faɗin wanda zai zauna ya yanke hukunci, kuma duk kotun da aka zaɓa tana zuwa da nata tsarin shari'a, da nata harshe, da nata hanyar karɓar shaida. Na farko ma'auni ne, na biyu mai awo, kuma abin da daftarinku ya yi shi ne ya miƙa wa mai awo ma'aunin da bai saba riƙewa ba.

Ga yadda abin zai gudana idan injin ya samu matsala kuka kai ƙara. Alƙalin Hamburg zai fara da tambayar ko yana da hurumi, kuma amsar tana cikin sashe na 25 na dokar Tarayyar Turai mai lamba 1215 ta 2012, wadda ta ba kotun da ɓangarori suka zaɓa hurumi ko da ɗayansu ba a Turai yake zaune ba. Wannan sashe ya kuma ce idan aka yi gardama a kan ingancin zaɓin kotun, misali aka ce da yaudara aka samo shi, dokar ƙasar kotun da aka zaɓa ce mafarar bincike, ba lallai dokar da ke kan sauran kwangilar ba. Daga nan zai koma ga wata doka daban, mai lamba 593 ta 2008, wadda ke magana a kan dokar da ke aiki a kan kwangiloli. Sashe na 3 nata ya ba ku 'yancin zaɓi, sashe na 2 kuma ya ce a yi aiki da dokar da aka zaɓa ko da ta ƙasar da ba ta cikin Tarayyar ce, don haka ficewar Birtaniya ba ta hana alƙalin Jamus yin hukunci da dokar Ingila ba.

Wahala tana farawa ne daga nan, domin alƙalin bai karanci dokar Ingila ba, kuma ba a tsammanin ya san ta. A Jamus, sashe na 293 na dokar tsarin shari'ar farar hula ya ɗora wa kotu nauyin gano abin da dokar waje ta ƙunsa, kuma a al'ada kotu kan naɗa masani, sau da yawa daga jami'a ko daga cibiyar binciken dokoki ta Max Planck da ke Hamburg, ya rubuta mata bayani. Kafin bayanin ya iso watanni sun shuɗe, ana neman a ajiye kuɗinsa tun farko, kuma kowane ɓangare yakan ɗauki nasa lauyan Ingila domin ya duba shi ko ya ƙalubalance shi. Sai ka ga kana biyan lauyoyi a ƙasashe biyu a kan ƙara ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne ɗaukaka ƙara: kotun ƙolin Jamus ta harkokin farar hula ba ta sake duba ko an fahimci dokar waje daidai, iyakacinta ta duba ko an bi hanyar da ta dace wajen gano ta. Idan ƙananan kotuna sun karkata a fahimtar wani hukuncin Ingila, ƙofar gyara ƙanƙanuwa ce.

Mu ɗauka an kawo muku injin a watan Maris na 2023, sai a 2026 kuka gano cewa wani ɓangarensa bai kai ƙarfin da kwangila ta ambata ba tun ranar da aka kawo shi. A dokar Jamus ta cikin gida, ƙarar aibin kayan saye tana ƙurewa bayan shekara biyu daga ranar miƙawa, watau da lokaci ya wuce tun Maris na 2025. A dokar Ingila ta 1980 kan ƙurewar lokaci, wa'adin ƙarar saɓa kwangila shekara shida ne daga ranar saɓawar, watau kuna da har Maris na 2029. Wanne za a bi? Sashe na 12 na dokar 2008 ya sa ƙurewar lokaci a ƙarƙashin dokar da aka zaɓa, saboda haka shekara shida ne, kuma a nan zaɓin Ingila ya amfane ku. Amma ba ko'ina ake kallon abin haka ba. Tsohuwar ƙa'idar kotunan Ingila ita ce ƙurewar lokaci batun tsarin kotu ne, kotu ta bi nata wa'adin, kuma sai a 1984 majalisa ta sauya hakan da doka. Akwai ƙasashen da suka gaji tsohuwar ƙa'idar kuma suna nan a kanta, don haka kwangila iri ɗaya tana iya rayuwa a wata kotu ta mutu a wata.

Yanzu ga inda haɗin zai cuce ku. Domin ku tabbatar cewa aibin daga masana'anta yake, kuna buƙatar rahoton gwajin da mai sayarwa ya yi kafin ya aiko injin, kuma rahoton yana hannunsa. A kotun Ingila akwai tsarin da ke tilasta wa kowane ɓangare ya fito da takardun da suka shafi ƙarar, har waɗanda za su cutar da shi. Kotun Jamus ba ta da wannan tilas na gaba ɗaya. Tana iya umartar a kawo takarda takamaimai da aka ambata, amma ba ta buɗe wa mai ƙara ma'ajiyar abokin shari'arsa ya bincika. Kuma fitar da takardu batun tsarin kotu ne, wanda dokar 2008 ta cire daga cikin abin da zaɓin doka ke shafa. Kun zaɓi dokar Ingila, amma ba ku samu kayan aikin da lauyan Ingila ke dogara da su wajen cin ƙara da ita ba.

A lokaci guda kuma kun ɗauki tsaurinta. Idan a wasiƙun ciniki wakilin kamfanin ya rubuta muku cewa kalmar “cikakken ƙarfi” tana nufin aikin awa 20 a rana, amma ba a sa wannan a kwangilar ba, dokar Ingila a ƙa'ida ba ta yarda a fassara kwangila da abin da aka faɗa a lokacin ciniki, kuma babbar kotun ƙasar ta sake jaddada haka a 2009. Dokar Jamus kuwa tana neman ainihin nufin ɓangarori, kuma wasiƙun suna iya zama hujja. Fassara tana ƙarƙashin dokar da aka zaɓa, saboda haka dole alƙalin Hamburg ya kau da ido daga wasiƙun da a kowace ƙara ta yau da kullum zai karanta. Ko zai iya cire su daga zuciyarsa gaba ɗaya, babu lauyan da zai ba ka tabbaci, kuma rashin tabbas shi ne ke raunana mutum idan aka zauna teburin sulhu. Ka ƙara da cewa sashe na 9 na dokar 2008 ya bar wa kotu damar aiki da wasu dokokin ƙasarta na dole, irin na takunkumi da hana fitar da kaya, kome kuka zaɓa.

Shawarata ita ce ku fara daga ƙarshe, watau daga inda dukiyar wanda za ku iya kai ƙara take. Hukunci takarda ce har sai an zartar da shi, kuma tun da masana'anta da asusun mai sayarwa suna Jamus, hukuncin Hamburg zai hau kansu kai tsaye ba tare da wata sabuwar shari'a ba. Wannan ya sa sashen hurumin ya fi amfani a gare ku fiye da yadda kake zato, kuma da ni ne, shi zan riƙe in nemi a sauya dokar ta koma ta Jamus. Sai dai a yi hattara da abu biyu. Jamus tana cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1980 kan sayar da kaya tsakanin ƙasashe, Birtaniya ba ta ciki, kuma wanda ya rubuta “dokar Jamus” kawai ya jawo wannan yarjejeniyar cikin kwangilarsa sai idan ya cire ta a fili. Ba mummuna ba ce ga mai saye, amma tana buƙatar a sanar da aibi cikin lokaci mai ma'ana, kuma ba bayan shekara biyu da karɓar kaya ba. Na biyu, za ku rasa wa'adin shekara shida, don haka ku nemi a rubuta wa'adin garanti mai tsawo a cikin kwangilar kanta.

Idan kuwa kun fi natsuwa da dokar Ingila, ku mayar da hurumin ga kotunan Ingila, kuma ku rubuta cewa su kaɗai ne. Kalmar “kaɗai” tana da aiki, domin yarjejeniyar Hague ta 2005, wadda Birtaniya da Tarayyar Turai suke ciki, tana kare zaɓin kotu na keɓe ne, kuma ita ce za ta sa kotun Jamus ta janye hannunta daga ƙarar sannan ta zartar da hukuncin London. Hanya ta uku ita ce sasanci mai ɗaure ɓangarori, inda kuke iya zama a Hamburg amma ku naɗa mai yanke hukunci da ya ƙware a dokar Ingila, kuma yarjejeniyar New York ta 1958 tana ba da damar zartar da hukuncinsa a ƙasashe fiye da 170. Wanda ya bi wannan hanya ya goge sashen kotu gaba ɗaya, domin barin su biyu a takarda ɗaya yana haifar da shari'a a kan inda za a yi shari'a.

Kowacce kuka ɗauka, ku duba lafazin sassan biyu a jere. A rubuta “dokar Ingila da Wales”, ba “dokar Birtaniya” ba, tun da Scotland tana da nata tsarin dabam. Faɗin sassan kuma ya zama ɗaya: idan na hurumi ya rufe duk takaddamar da ta taso daga kwangilar ko ta shafe ta, amma na doka ya tsaya ga kwangilar kaɗai, to ƙarar da kuka gina a kan cewa an yaudare ku kafin sa hannu za ta je Hamburg, sai dai alƙali ne zai nemo mata doka da ƙa'idojinsa. Dokar Tarayyar mai lamba 864 ta 2007, a sashe na 14, ta yarda 'yan kasuwa su zaɓi doka tun farko ga irin waɗannan ƙararraki, muddin an tattauna sharaɗin da yardar kowa. Ku sa lauya ya ƙara wannan jimla, sannan ya duba takardar garanti da ta oda da sharuɗɗan da ake bugawa a bayan rasit, domin a can ne wata doka ko wata kotu ta uku takan ɓuya.