Dala a kife: ta ina ake farawa?

"An ce mu rubuta labari da tsarin dala a kife, ban gane ba. Ta ina zan fara?"

Dala a kife salon rubuta labarin jarida ne, kamar a kife dalar gyaɗa: muhimman bayanai a sama, ƙanana a ƙasa. Fara da abin da ya fi nauyi, ba wanda ya fara faruwa ba: me ya faru, a ina, yaushe, wa ya shafa. A ce gobara ce: "Gobara ta cinye shaguna 12 a kasuwar gari daren jiya, ba a rasa rai ba." Sai musabbabi da bayanin 'yan kwana-kwana. Tarihin kasuwar, can ƙasa.

Dalili kuwa, in fili ya ƙure, daga ƙasa edita yake datsewa. Na taɓa ajiye adadin waɗanda suka jikkata a sakin layin ƙarshe, washegari labarin ya fito babu shi.