Babur ko ɗan acaba: lissafin kai kaya gida kafin ka karɓi kuɗin Yaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan masarufi a Tumfure, Gombe. Ina so in fara kai wa mutane kaya gida, kuma yayana ya yarda ya ranta min N1,400,000 in sayi babur da takardunsa, amma ya ce sai ya ga lissafi a rubuce. Wani mai shagon kwamfuta ya rubuta min cewa idan ina kai kaya sau 10 a rana, kowanne na N8,000, da ribar kashi 10 cikin ɗari da kuɗin kaiwa N500, kuɗin zai dawo a wata huɗu. Hankalina bai kwanta ba, ina tsoron in ji kunya a gaban Yaya. In sayi babur ɗin ko in riƙa ba ɗan acaba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gara da hankalinka bai kwanta ba, ɗan'uwa, domin wata huɗun nan ba gaskiya ba ne. Na ga yadda ya samo shi. Ya ɗauki kwanaki 26 na aiki, ya sami ribar kaya N208,000 da kuɗin kaiwa N130,000, ya haɗa N338,000, ya raba kuɗin babur da shi. Bai cire mai ba, bai cire albashin yaro ba, kamar babur ɗin da iska zai riƙa tafiya. Wannan kuskuren ma mai sauƙi ne, Yaya da kansa zai gano shi. Akwai wanda ya fi shi haɗari, kuma kullum sai an kawo mana takarda mai ɗauke da shi.

Kuskuren shi ne ɗaukar duk cinikin da aka ɗora a babur a matsayin cinikin da babur ya kawo. Ka zauna ka tuna su wa za su fara kiranka idan ka sanar cewa kana kai kaya. Hajiyar da take aiko almajirinta kowace Juma'a ya ɗauko taliya da man gyaɗa. Ma'aikacin da yake tsayawa da motarsa idan ya taso daga ofis. Waɗannan dama naka ne, ribarsu tana shiga aljihunka tun kafin ka yi mafarkin babur. Idan ka fara kai musu, ba ka ƙara ko kwabo a ribar kaya ba, illa dai ka ɗauke musu wahalar zuwa ka ɗora wa kanka. Abin da ya halatta ka rubuta a gefen amfani shi ne abin da ba zai shigo ba in babu kaiwar: sabon mai saye daga Shongo ko Federal Low Cost wanda da ba zai taɓa zuwa shagonka ba, da ƙarin da tsohon mai saye ya yi saboda yanzu ba shi zai ɗauki buhu a ka ba. Masu rubuta irin waɗannan takardu ba su taɓa tambayar wannan. Takarda ɗaya ce a kwamfutarsu, yau su sa sunan mai kaji, gobe na mai shago, su ƙawata ta da zane mai launi, su karɓi kuɗinsu. Ranar da bashi ya zo wuya ba za ka gan su ba. Kai kuma za ka ga babur yana ta zirga-zirga, yaro yana ta gumi, amma kuɗin da ke cikin akwatin shago bai motsa ba, har ka fara zargin yaron da sata alhali lissafin ne ya cuce ka.

Bari mu sake shi. Alkaluman kashewa da zan sa misali ne, ka musanya su da farashin da ka tarar a ranar da za ka rubuta. A ce cikin goman nan uku ne sababbi. Ribarsu a wata N62,400 ce. Kuɗin kaiwa kuwa duka sabo ne, N130,000. Abin da kaiwar ta kawo ke nan N192,400.

Idan babur naka ne, yaro zai ci N45,000, mai lita biyu a rana a kan N1,000 kowace lita ya kama N52,000, baƙin mai da faci da gyara N15,000, katin waya da ɗan abin da zai fashe a hanya N5,400. An kashe N117,400, saura N75,000. Raba N1,400,000 da shi, ka sami kusan wata 19.

Idan kuma ɗan acaba ka ɗaure magana da shi a kan N600 kowane zuwa, za ka biya N156,000, ka ƙara N6,400 na kati da asara, saura N30,000. Jarinka a nan akwatin ɗaura kaya ne da ƙaramar waya, a ce N60,000. Wata biyu ya dawo.

Kada ka tsaya a nan ka ce acaba ya ci, ko ka ce babur ya ci don ya fi kawo kuɗi. Tambayar da Yaya ya kamata ya gani a takardar ita ce: ƙarin N1,340,000 da za a zuba a babur, me yake ƙarawa a kan abin da ɗan acaba zai ba ka? N45,000 ne kawai a wata. Wato kusan wata 30 kafin ƙarin ya dawo, shekara biyu da rabi, a kan babur da ake mora kullum. Gaskiya ne babur kadara ce, za ka iya sayar da shi ka sami wani abu, kuma ka rubuta hakan. Amma ka rubuta a gefensa abin da kuɗin zai haifar in da shinkafa da sukari aka saro da shi ana juyawa.

Daga nan sai ka gwada lissafin da ranar da kasuwa ta yi sanyi. Idan kaiwa ta sauka zuwa biyar a rana, abin da ke shigowa ya koma N96,200. Albashin yaro ba ya raguwa, don haka mai babur zai tashi da abin da bai kai N5,000 ba, mai ɗan acaba kuwa da N15,000. Idan ta hau 20, lamarin ya juya: bambancin ya kai wajen N155,000 a wata, babur ya biya kansa cikin wata tara. Ka ga ashe yawan kaiwa ne ke yanke hukunci, kuma a yau hasashe kawai kake yi a kansa. Kuɗin mai ma haka, duk wanda ya ga abin da ya biyo bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ba zai rubuta farashi ɗaya ya kwanta a kansa ba. Ka ƙara kashi 20 a kan man ka ga ko lissafin zai tsaya.

Amfanin da ba ya ƙirguwa, kamar riƙe matan aure da ba sa fita kasuwa, ko zuwan kaya a kan lokaci saboda yaron naka ne, ka ambace shi da kalmomi a sakin layi guda, kada ka ƙaƙaba masa adadi. Haɗarin ma haka: satar babur, hatsari, alat na bogi, da mai cewa "kawo, zan turo" wanda yake mayar da kaiwa bashi. Dokarka ta zama sai kuɗi ya shiga asusu kaya zai bar shago.

Shawarata, kada ka karɓi kuɗin yanzu. Ka yi wata uku da ɗan acaba ɗaya amintacce wanda ka san gidansu. Ka sayi littafi, kowace kaiwa ka rubuta rana, unguwa, kuɗin kaya, ribarka, da alama ɗaya: sabo ne ko tsoho. Takardar da za ka kai wa Yaya shafi biyu ta isa: zaɓi uku har da na barin abin gaba ɗaya, jarin kowanne, abin da yake ragewa a wata, da watannin dawowa a kan kaiwa 5 da 10 da 20. A ƙasa ka rubuta sharaɗi cewa za a sayi babur ne idan littafin ya nuna kaiwa 15 zuwa sama a rana, wata biyu a jere.