Sunan kaya da zai shiga kunnen masu yare daban-daban: ya ake gwada shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa garin kunu a nan Kano, gero da waken suya da gyaɗa, kuma na sa masa suna Ƙoshi. Yanzu ina so in buga leda mai yawa in fara turawa Legas da Ibadan da Maraɗi, sai wata ƙawata ta ce in bincika kar sunan ya zama wani abu daban a yarensu. Don Allah ya zan yi in gane?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki dakata da buga ledar nan tukuna, ƙawarki ta yi miki babban taimako, don gaskiya sunan nan yana da matsala a ƙasar Yarbawa, kuma ba ƙarama ba.

Abu na farko da ke faruwa da sunan Hausa in ya bar gida shi ne lanƙwasar harafin ta ɓace. Ke kin rubuta Ƙoshi, amma mai buga leda da dillali da mai rubuta rasit a kasuwar Mile 12 ta Legas duk Koshi za su rubuta, haka kuma za su faɗa, tunda Yarbanci ba shi da sautin ƙ ɗin nan namu. To a bakin Yarbawa koshi kalmar kora ce, in aka ce wa mutum "koshi danu" ana nufin ɓace min da gani, kuma ba wata tsohuwar kalma ba ce da sai dattijai suka sani, kullum ana jin ta a tasha da cikin kasuwa. Sannan a Ibadan da kika ambata mutane da yawa suna faɗin sh kamar s, sai ya koma kusa da "ko si", wato babu. Ki duba mai shago da aka tambaye shi kayan yana amsawa da sunan da ke nufin babu. Ko a nan gida ma in lanƙwasar ta faɗi, wasali ɗaya ne tak tsakanin koshi da kashi, kuma abinci ne kike sayarwa, na yara ma.

Ba ke kaɗai ba ce, manyan kamfanoni masu lauyoyi ma sun ci karo da wannan. Motar Pajero da muka sani, Mitsubishi ba ya sayar da ita da wannan sunan a Sifen da yawancin ƙasashen da ke jin Sifaniyanci, Montero suke kiranta, saboda a can kalmar batsa ce. Hyundai ya fito da mota mai suna Kona a 2017, a Fotugal dole ya mai da ita Kauai don sunan ya yi kama da wata kalmar al'aura, mu kuma a kunnenmu ƙona ce muke ji, motar da sunanta ke kiran gobara. Wanda ya fi shafarki shi ne na Toyota MR2, don a rubuce babu komai, haruffa biyu ne da lamba, amma in Bafaranshe ya karanta su da bakinsa sai su fito kamar kalmar ƙazanta, shi ya sa a Faransa aka cire 2 ɗin aka bar MR. Wato matsalar sau da yawa ba ta bayyana a takarda sai an furta.

Shi ya sa gwajin kashi biyu ne kuma kar ki haɗa su. Na farko ki ɗauki muryarki kina faɗin sunan sau biyu ko uku, ki tura ta WhatsApp ba tare da rubutu ba, ki ce wa mutumin ya rubuto miki abin da ya ji da duk kalmar yarensu da ta faɗo masa a rai. Na biyu ki tura wa wasu mutanen daban sunan a rubuce, da manyan baƙaƙe, babu lanƙwasa, kamar yadda zai fito a kwali, ki ce su karanta da murya su turo. A nan za ki sha mamaki, musamman daga Nijar, don wanda ya yi boko da Faransanci yana karanta ch kamar sh, u ɗinsa daban ne sai an rubuta ou, shi kuma c ɗinmu na Hausa ɗan kudu zai karanta shi k ko s. Mutanen Maraɗi Hausawa ne za su gane Ƙoshi sarai, amma kayan in ya karɓu ba a nan zai tsaya ba, zai wuce Yamai inda ake Zabarmanci, don haka ki saka Zabarmawa a lissafi tun yanzu.

Wa za ki tambaya? Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Sai su tambayi maƙwabcinsu Bayarabe da aka haifa a Sabon Gari, ko wani dattijo mai mutunci, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya gaya wa matar aure cewa sunan kayanta batsa ne ba, sai ya ce yana da kyau madalla. Ki nemi mutum huɗu ko biyar a kowane yare, waɗanda ke zaune a can yanzu, a cikinsu a sami matashi ɗan kasuwa ko direba wanda ya san maganar titi, da mace mai yara tunda ita ce mai sayen, kuma ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba a guruf ba, don na farko in ya ce lafiya lau sauran bin sa za su yi. Kar ki ce "ya yi kyau?" Ki ce: in yaran unguwa za su yi wa sunan nan tsiya, me za su mai da shi? In kin ga tambayar za ta yi nauyi ki sa ƙaninki ya yi wa mazan. Ki lura da dariya ma, wanda ya yi dariya kafin ya amsa akwai abin da ya ji.

Ki kuma tuna Yarbanci da Inyamuranci karin sauti ne ke raba ma'ana kamar namu, kuma ba a sa alamar a jikin leda. Ike a Inyamuranci ƙarfi ne, a sauya sauti ya koma mazaunai. Don haka kar ki dogara da ƙamus ko neman intanet kaɗai.

Amma kar kuma tsoro ya hana ki sakat, don babu sunan da zai tsira a duk harsunan duniya. Audi na sayar da e-tron a Faransa duk da ya yi kama da kalmarsu ta kashi, bai canja ba. Ni abin da nake dubawa shi ne: yaren na cikin kasuwar da kayan zai shiga da gaske? Mutane sun ji ma'anar da kansu ko sai da aka nuna musu? Kuma ma'anar ta taɓa irin kayan, kamar ƙazanta a abinci, ko ta taɓa addini? In mutum ɗaya cikin biyar ne ya ƙaƙaro wani abu da ƙyar, ki wuce. In uku sun faɗi abu ɗaya ba tare da sun haɗa baki ba, sunan ya faɗi.

Ƙoshi a ganina zai faɗi a Legas. Kina iya tsawaita shi ya zama Ƙoshin Lafiya, tunda Yarbawa sun san alafia, sai dai 'yan kasuwa gajarta suna suke yi, wata biyu zai koma Koshi. Na fi son ki fito da sababbi guda biyar marasa ƙ da ɗ da ɓ da c, ki yi musu gwajin nan a tare, mako biyu ya isa. Ki gama wannan kafin ki je NAFDAC, don da sunan kayan suke ba da lamba, canja shi daga baya wani kuɗin ne da wata zirga-zirgar. Rajistar CAC kuma ta sunan kasuwanci ce kawai, mallakar tambarin kaya ofishinta daban a Abuja, ta Nijar kuwa ta hannun OAPI ake yi, hukumar rajistar tambari ta wasu ƙasashen Afirka mai hedkwata a Yawunde, rajista ɗaya tana aiki har Kamaru da Cadi.