Shekarun bakwaini: ta ranar haihuwa ake lissafi ko ta ranar da ya kamata a haife shi?

Tambaya: Likita, na haifi ɗana a mako na 30, ya yi sati biyar a kwalba. Yanzu watansa shida amma bai fara zama ba, alhali ɗan maƙwabciyata da suka zo duniya wata ɗaya yana zama daram. Nas ta ce in daina kwatanta su domin lissafin bakwaini daban ne. Yaya ake yinsa, kuma sai yaushe za a daina?

Amsa: Maman jariri, nas ɗin ta faɗa miki gaskiya. Cikakken ciki mako 40 muke lissafa shi, kuma duk wanda aka haifa kafin mako na 37 bakwaini ne a wurinmu, ko da ba a wata bakwai cif ya zo ba. Naki ya rigayi lokacinsa da mako 10. Wata shida kusan mako 26 ne, idan aka cire 10 saura 16. Wato a wajen ƙwaƙwalwarsa da jijiyoyinsa, ɗan kusan wata huɗu kike goyo. Wannan ne muke kira gyararren lissafi. Fitowa da wuri ba ta sa ƙwaƙwalwa ta yi sauri. Aikin da ya kamata ta ƙarasa a ciki, shi ta ƙarasa a kwalba da kan ƙirjinki.

Don haka da ma'aunin ɗan wata huɗu zan duba shi. Wuyansa ya yi ƙwari idan kin ɗauke shi? Idan kin kwantar da shi rub da ciki yana dafa hannu ya ɗago kai? Yana murmushi, yana bin fuskarki da ido, yana kai hannu baki? Idan eh, yana kan hanya. Yawancin yara suna zama tsakanin wata shida zuwa takwas, shi ke nan naki sai ki sa rai daga wata takwas da rabi zuwa goma da ɗoriya a lissafin ranar haihuwa. Haka ma a katin awon nauyi: idan aka ɗiga kilonsa a layin wata shida, zai fito kamar mai tamowa alhali lafiyarsa ƙalau. Ki riƙa tuna wa mai awon cewa a mako na 30 kika haife shi, don a cunkoson ranar awo ba kowa ke tambaya ba.

Rigakafi kam ba ruwansa da wannan gyara. Allurar mako 6, 10 da 14 da ta ƙyanda a wata tara duk daga ranar haihuwa ake ƙirga su, sai dai in likitansa ya ɗage saboda rashin lafiya. Garkuwar da uwa ke ba ɗa yawancinta a watanni ukun ƙarshe take ratsawa, naki kuwa bai samu cikakken rabonsa ba, jinkiri cutar da shi zai yi. Kunu da sauran abinci kuma kada ki fara don kalanda ta ce wata shida. Ki bari ku yanke da likitansa, bayan wuya ya tsaya sosai.

Galibi a shekara biyu muke daina gyaran. Dalilin lissafi ne kawai: mako 10 cikin 26 ya fi kashi ɗaya bisa uku na rayuwarsa, amma cikin mako 104 bai kai ɗaya bisa goma ba, ya shige cikin bambancin da ke tsakanin kowane yara biyu. Wanda aka haifa a mako na 34 ko 35, wasu likitoci a shekara ɗaya suke tsayawa. Wanda ya zo kafin mako na 28 kuwa, akan ci gaba har shekara uku. Dainawar ba ta nufin dole ya kamo sa'o'insa ranar da ya cika biyu. Abin nufi shi ne, jinkirin da ya rage bayan nan ba za mu ƙara jingina shi ga zuwa da wuri ba, sai mu nemi dalilinsa.

Abin da na fi tsoro a asibiti shi ne kalmar "ai bakwaini ne" ta zama bargon rufe matsala. Ko da gyararren lissafi, idan ya kai wata tara bai zauna ba, ko wata 18 bai taka ba, a kawo shi. Wasu alamun ma ba a jira musu wata: ƙafafu su sandare su harɗe kamar almakashi idan an ɗaga shi, jiki ya saki laƙwas, hannu ɗaya kullum a dunƙule yana aiki da ɗayan kawai, ƙara ba ta firgita shi, ko ya daina abin da ya riga ya iya. Idan ya yi shawara mai tsanani lokacin da yake kwalba, ki nemi a gwada jinsa tun yanzu, kada a jira sai lokacin magana.