Alfa ya kai 0.85, amma me ka auna?

Tambaya: Na fassara ma'aunin DUREL zuwa Hausa domin binciken digirina na biyu kan riƙo da addini da damuwa. Alfa na Cronbach ya fito 0.85, amma malamina ya ce ingancin ma'aunin bai tabbata ba. Ina matsalar take?

Amsa: Malaminka yana da gaskiya. Abin da alfa ke nunawa kawai shi ne tambayoyinka suna tafiya tare. Mudun da aka lotsa gindinsa kullum awo ɗaya zai ba ka, amma ba awon gaskiya ba ne.

DUREL tambayoyi biyar ne na auna riƙo da addini. Ɗauki tambayar farko daga cikin biyar ɗin. Harold Koenig da abokan aikinsa sun tsara ta a jami'ar Duke ta Amurka a 1997, tana tambayar sau nawa mutum ke zuwa coci ko wani taron addini. Maki mafi girma, wato 6, na wanda ke zuwa fiye da sau ɗaya a mako ne. A can wannan mutum ya yi fice. To a nan fa? Dattijon da ba ya rasa sahun farko, salla 35 a mako cikin jam'i, da saurayin da ke zuwa Juma'a ya ƙara da Magariba ɗaya, duk 6 za su samu. Ma'aunin ya bugi rufi, ya kasa raba su. Ita kuwa baiwar Allah da ke salla a ɗakinta, tana azumin Litinin da Alhamis, in ba ta zuwa Islamiyya sai ta faɗo ƙasa. Wannan shi ya fi damuna, domin daga nan ne ɗalibi zai rubuta cewa maza sun fi mata addini, alhali al'adar zuwa masallaci ya auna.

Akwai kuma kunya. A 1993 masu bincike Hadaway da Marler da Chaves sun ƙirga masu zuwa coci a wani yanki na jihar Ohio, suka tarar ba su wuce kimanin rabin abin da mutane ke faɗa da baki ba. Balle a ce wa Bahaushe ido da ido, "Kana salla a kan lokaci?"

Saboda haka koma kan bayananka. Duba kowace tambaya ita kaɗai, maza daban mata daban. In kusan kowa ya taru a makin ƙoli, tambayar ba ta da amfani gare ka. Kada ka tara makin biyar ɗin wuri guda, su ma masu ma'aunin kashi uku suka ce a raba shi. Sannan ka zauna da mutum kamar goma, kowa ya gaya maka abin da ya fahimta da "taron addini": wani zai sa wurin suna da jana'iza, wani ba zai sa ba. Maimakon "sau nawa ka saba", tambayi yadda jiya ta wuce masa tun daga asuba, a takardar da ba suna, ka bar sallar ta fito da kanta.