Kishi kan abokiyar aikin maigida

"Mijina yana da wata abokiyar aiki, kullum suna hira a waya har dare. Raina yana sosuwa. Yaya zan yi masa magana ba tare da ya ga zarginsa nake ba?"

'Yar'uwa, kada ki tayar da zancen wayar tana hannunsa. Bari sai ya ci abinci ya natsu, yara sun kwanta, kina gefensa. Fara da kanki: "Baban yara, idan hirar ta wuce ƙarfe 10, sai in ji kamar ba na ɗakin." Kada ki ambaci sunanta, domin da zarar kin ambata zai koma kāre ta, damuwarki kuma ta bi ruwa.

Abu ɗaya za ki roƙa: bayan isha'i lokacinku ne. Idan ya amince kuma yana amsa kiranta a gabanki, hankalinki ya kwanta. Idan kuwa ya fara fita waje da wayar, wannan kam sai kun sake zama.