Hanyar da sabon tab ke bi ya taɓa shafinka ta baya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne na gina wa ƙungiyar 'yan kasuwarmu ta Aboabo, a nan Kumasi, shafin intanet, inda kowane mamba yake sa mahaɗin shagonsa, kuma duk mahaɗan a sabon tab suke buɗewa. Wani ya ce in ƙara `noopener` ko a yi mana kutse, wani kuma ya ce zancen ya tsufa. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowannensu da gaskiyarsa, amma shawarar na farkon za ka bi.

Idan mutum ya danna mahaɗi mai `target="_blank"`, a tsarin da burauza suka daɗe a kai, sabon shafin yana zuwa ne riƙe da igiyar da ta ɗaure shi da shafin da ya buɗe shi. Sunan igiyar `window.opener`. An yi ta ne da kyakkyawar niyya, don ƙaramar taga ta iya mayar wa babbar da saƙo. Idan shafukan biyu ba gidansu ɗaya ba, burauza ba ta barin baƙon ya karanta abin da ke cikin naka: ba ya ganin sunayen mambobi, ba ya ganin abin da aka rubuta a fom. Amma cikin 'yan abubuwan da ta bar masa akwai ɗaya mai haɗari, wato ya iya sauya adireshin tab ɗinka, ya tura shi inda ya ga dama. Layi ɗaya ya ishe shi:

```js
if (window.opener) {
  window.opener.location = "https://example.com/shiga";
}
```

Mu ɗauki misali daga irin shafinka. A ce wani mamba mai sayar da atamfa a Kejetia ya sa mahaɗin shagonsa bara, bana bai sabunta kuɗin sunan shafin ba, wani can ya saye sunan. Mahaɗin yana nan a wurinka, babu abin da ya canza a ido. Hajiya ma'ajiyar ƙungiya ta shiga da kalmar sirrinta, ta duba kuɗin wata-wata, sannan ta danna mahaɗin don ta ga sababbin kaya. Sabon tab ya buɗe da hotunan atamfa. Tana can tana kallo, layin nan na sama ya yi aikinsa a tab ɗin baya, wanda a waya ko ganinsa ba ta yi. Da ta gama ta rufe, sai ta tarar da shafi mai tambarin ƙungiya da launinta, yana cewa lokacinta ya ƙare, ta sake shiga. Me zai sa ta yi shakka? Ita da hannunta ta buɗe wannan tab ɗin ɗazu. Ta rubuta lambar waya da kalmar sirri, shafin bogin ya karɓe, ya mayar da ita shafinku na gaskiya, inda dama shigarta ba ta ƙare ba. A wurinta komai ya tafi daidai. Alamar da za ta tona asirin ita ce adireshin da ke sama, kuma wa ke duba adireshi a allon waya yana tsakiyar ciniki?

Ka lura, babu wanda ya fasa sabarka. Za ka kwana kana bincikenta ba ka ga komai ba, domin duk abin a cikin wayar Hajiya ya faru.

Maganin kalma ɗaya ce:

```html
<a href="https://example.com" target="_blank" rel="noopener">Shagon atamfa</a>
```

Da wannan, sabon shafin zai tarar da `window.opener` babu komai, wato `null`.

Inda abokinka na biyu yake da gaskiya shi ne, manyan burauza sun riga sun mayar da wannan ɗabi'arsu ko ba ka rubuta ba. Safari ta fara a siga ta 12.1 a 2019, Firefox ta bi a siga ta 79 a 2020, Chrome kuma a siga ta 88 a farkon 2021. Duk mai sabuwar burauza, mahaɗi mai `target="_blank"` ba ya ba da igiyar. Sai dai ni da kai mun san wayoyin da ke hannun jama'a a Zango. Akwai wadda ta wuce hannu uku kafin ta iso, akwai wadda aka kashe mata sabuntawa don kada ta cinye data, akwai wadda ta tsufa har sabuwar Chrome ba ta hawa kanta. Kalmar ba ta cin ko pesewa ɗaya, don haka ni har yau ina rubuta ta.

Amma wurin da na fi so ka duba ba nan ba ne. Wannan kariya ta kai tsaye ga `_blank` kawai aka yi ta, a mahaɗi da fom. Ba ta shafi `window.open()` ba. Da yawa daga masu gina irin shafinka suna yin kati mai hoton shago, a danna ko'ina a jikinsa JavaScript ya buɗe adireshin. To wannan, ko a Chrome ɗin da aka sauke yau da safe, igiyar tana nan daram. Sai ka faɗa da bakinka:

```js
window.open(url, "_blank", "noopener");
```

Ga wani tarko a nan da ya taɓa cinye mini yini guda. Idan ka sa `noopener`, abin da `window.open()` ke dawo maka da shi `null` ne, ko da tab ɗin ya buɗe lafiya lau. Tsohon kod ɗina yana ɗaukar `null` a matsayin alamar burauza ta hana buɗewa, sai ya riƙa nuna wa mutane gargaɗin ƙarya. In kana da irin wannan dubawar, cire ta. Haka kuma idan ka ba tab suna, kamar `target="shago"`, shi ma kariyar kai tsaye ba ta hau kansa ba.

Gwadawa ba wuya. A kwamfuta, danna mahaɗin dannawa ta yau da kullum, je sabon tab ɗin, latsa F12, shiga Console, rubuta `window.opener`. Idan ka ga `null`, a wannan burauzar ka tsira. Idan ka ga `Window` ko wani abu mai kama da shi, ƙofa a buɗe take. Kada ka gwada ta hanyar danna dama ka zaɓi buɗewa a sabon tab, domin wannan hanyar dama ba ta ba da igiya, za ta nuna maka `null` ta yaudare ka.

Za ka riƙa ganin `noreferrer` a gefensa. Shi yana yin aikin `noopener`, sannan ya ƙara ɓoye wa shafin da aka je daga inda baƙo ya fito. A mahaɗan da ke shafukan cikin gida, kamar na lissafin kuɗi, sa shi. A jerin shaguna kuwa ni ba zan sa ba, saboda mai atamfa yana so ya ga cewa ta ƙungiya masu saye suke zuwa masa. `nofollow` kuma maganar injin bincike ce, babu ruwansa da wannan.

Wuri ɗaya ne za ka bar igiyar: idan kuna karɓar kuɗin wata-wata ta ƙaramar tagar biyan kuɗi wadda ke dawo wa shafinku da labarin an biya. Irin wannan tagar da `window.opener` take magana, in ka tsinke, kuɗi za su fita amma shafin ya tsaya yana jira.

Tunda mambobi ne ke sa mahaɗansu, kada ka bi su ɗaya-ɗaya da hannu. Gyara wuri ɗayan da kod ɗinka ke fitar da mahaɗin, ya riƙa liƙa `rel` ɗin da kansa, kuma ya ƙi karɓar duk adireshin da bai fara da `https://` ko `http://` ba.